Kamfanin da Ke Biyan Kuɗin Sayen Kansa

A ranar 5 ga Yulin 2022, hukumar kula da harkokin wutar lantarki ta ƙasa, NERC, da hukumar sayar da kadarorin gwamnati, BPE, suka fitar da sanarwa cewa bankin Fidelity ya ɗora hannu a kan hannun jarin da aka jinginar masa a kamfanonin rarraba wuta na Kano da Benin da Kaduna. Aka sauya hukumar gudanarwar KEDCO, aka naɗa sabon manajan darakta. Mai injin niƙa a Kaugama da mai walda a Haɗeja, waɗanda duk wata takardar kuɗin wuta ta KEDCO ke zuwa musu, ba su ci bashin kowa ba. Amma kamfanin da sana'arsu ta dogara da shi ya wayi gari a hannun banki, saboda bashin da aka ci shekara tara kafin nan domin a saye shi.

Wannan salo na ciniki tsoho ne a kasuwannin kuɗi na duniya. Mai saye yakan zuba kaɗan daga aljihunsa, ya ranto mafi yawan kuɗin, sannan ya tsara al'amura ta yadda kadarorin kamfanin da ya saya za su zama jingina, kuɗin shigarsa kuma su biya bashin. A nan zan kira shi sayen ɗora-bashi. Ra'ayina a kansa shi ne, dabara ce da aka ƙera domin kamfani mai rarar kuɗi wanda ya gama gina kansa. Idan aka ɗora ta a kan kamfanin da ke jiran sabon jari, ko wanda kuɗin shigarsa ke hawa da sauka da damina, ma'aikata da manoma da masu sayen hajarsa ne za su biya bashin, ba tare da an tambaye su ba. Kafin a yarda da wannan hukunci ko a ƙi shi, ya kamata a ga yadda abin yake aiki.

Yadda bashi ke sauya mazauni

Matakin farko shi ne mai saye ba ya cin bashi da sunansa. Yakan je hukumar rajistar kamfanoni ya buɗe sabon kamfani wanda ba shi da ofis, ba shi da ma'aikaci, ba ya sayar da komai. Ɓawo ne kawai, aikinsa ɗaya: ya karɓi kuɗi ya sayi hannun jari. A cikin wannan ɓawon mai saye zai zuba nasa jarin, banki kuma ya zuba rancensa. Amfanin wannan shiri ga mai saye a fili yake. Idan abu ya lalace, asararsa ta tsaya a kan abin da ya zuba. Gidansa da sauran kamfanoninsa ba su shiga ciki ba, sai in ya sa hannu da kansa a matsayin mai tsayawa.

Mataki na biyu, ɓawon ya biya tsofaffin masu kamfani, ya karɓi hannun jarinsu. A lura da inda kuɗin ya tafi. Ya tafi aljihun mai sayarwa. Ko sisi bai shiga asusun kamfanin da aka saya ba, bai sayi inji ba, bai gyara rufi ba.

Mataki na uku shi ne jingina. Banki ba zai ba ɓawon da ba shi da komai biliyoyin naira haka kawai ba. Da farko yakan riƙe hannun jarin da aka saya. Amma hannun jari jingina ce mai rauni, domin idan kamfani ya rushe, masu hannun jari ne na ƙarshe a layin biya. Saboda haka banki yakan nemi kamfanin da aka saya ya tsaya wa bashin da kansa, ya jinginar da filinsa da injunansa da kayan da ke sito da bashin da yake bin abokan cinikinsa. Sau da yawa ma akan haɗe ɓawon da kamfanin su zama abu ɗaya, bashin ya sauko kai tsaye cikin littafin asusun kamfanin. Daga ranar, kamfanin da jiya ba a binsa komai ya zama shi ake bi kuɗin da aka saye shi da su.

Mataki na huɗu, biya. Duk abin da ya rage bayan an biya albashi da kayan aiki da haraji, yakan wuce wa banki. In an haɗe kamfanonin, biyan kai tsaye ne. In ba a haɗe ba, kuɗin yakan hau zuwa ɓawon ta hanyar rabon riba, ko rance daga kamfani zuwa ga mai shi, ko wani kuɗi da ake kira ladan gudanarwa. Banki kuma yakan gindaya sharuɗɗa: kada bashi ya wuce ninki kaza na ribar shekara, kada a sayar da kadara ko a ci wani bashi sai da izininsa. Karya sharaɗi ɗaya ya isa ya ba banki damar neman kuɗinsa gaba ɗaya.

Mai karatu zai iya tuna ɗan acaɓan da ya karɓi babur a kan biya da kaɗan-kaɗan, babur ɗin yana biyan kuɗin kansa. Akwai kama, amma akwai bambanci babba. Babur ba shi da ma'aikata ɗari biyu, ba shi da manoma dubu da ke jiran ya sayi amfanin gonarsu, kuma idan aka ƙwace shi, mai shi kaɗai ya yi asara.

Lissafi a kan masana'antar shinkafa

Mu ƙaddara wani misali, wanda ba na wani kamfani na gaske ba ne. A ce akwai masana'antar sarrafa shinkafa a yankin Haɗeja, tana sayen shanshera daga manoman Auyo da Kaugama da sauran garuruwan fadama. Bayan an cire kuɗin shanshera da man dizal da albashi, tana samun naira biliyan 2.5 a shekara. Ba a binta bashi. Mai ita ya tsufa, ya sa mata farashin biliyan 10, wato ninki huɗu na abin da take samu.

Mai saye ya zuba biliyan 3 nasa, ya ranto biliyan 7 a kan kuɗin ruwa kashi 10 cikin 100. A shekarar farko, daga biliyan 2.5 ɗin nan za a cire miliyan 500 na gyaran injuna da sauya waɗanda suka tsufa, da miliyan 700 na kuɗin ruwa, da kusan miliyan 400 na haraji. Abin da ya rage, kimanin miliyan 900, shi zai tafi rage uwar kuɗi. A shekara ta biyu bashin ya ragu, kuɗin ruwa ya ragu, abin da ake zubawa a uwar kuɗi ya ƙaru. Idan aka bi haka shekara biyar, bashin zai sauko ƙasa da biliyan 2.

Yanzu mai saye ya sayar da masana'antar a kan farashin da ya saye ta, biliyan 10. Ya biya ragowar bashi, ya tashi da sama da biliyan 8. Jarinsa na biliyan 3 ya kusa ninka uku, alhali bai ƙara buhu ɗaya a kan abin da masana'antar ke fitarwa ba. Da a ce da tsabar kuɗinsa ya biya biliyan 10 ɗin, zai riƙa kwasar kimanin biliyan 1.4 a shekara, ya tashi da biliyan 17 bayan shekara biyar, wato ƙasa da ninki biyu. Wannan tazarar ita ce dukan sirrin cinikin. Wani ɓangare nata ma daga baitulmali yake fitowa, domin ana cire kuɗin ruwa kafin a lissafa haraji. Masana'antar da ba ta da bashi za ta biya harajin miliyan 600, mai bashi ta biya kusan 400.

Sai mu juya lissafin. Kowa a yankin nan ya san abin da kogin Haɗeja ke yi. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jigawa. A ce a irin wannan shekara shanshera ta yi tsada, ta yi ƙaranci, abin da masana'antar ke samu ya faɗi da kashi 40 cikin 100, ya koma biliyan 1.5. Da tana hannun tsohon mai ita, shekara ce mara daɗi kawai, zai rage abin da yake ɗauka, ya jira baɗi. A hannun sabon mai ita, kuɗin ruwa miliyan 700 bai san da ambaliya ba. Bayan gyara da haraji, kimanin miliyan 200 ne ke saura, banki kuma yana jiran miliyan 900 na uwar kuɗi.

Daga ina giɓin miliyan 700 zai fito? Manaja yana da ƙofofi kaɗan, kuma duka sanannu ne. Zai ɗage gyaran injuna. Zai rage shansherar da yake tarawa da kaka, lokacin da take da araha, ya koma saye a tsakiyar rani da tsada. Zai ce wa dillalai da manoma su jira kuɗinsu wata biyu. Zai rage ma'aikata. Kowace ƙofa tana ceton wannan shekarar ta hanyar raunana ta gaba. Abin da Bahaushe ke cewa kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, shi ne wannan, sai dai a nan gardin ma yana iya rasa biliyan ukunsa.

Akwai juyi na biyu, wanda ya fi shafarmu. Kashi 10 cikin 100 ba shi ne farashin rance a bankunan kasuwanci na Nijeriya ba. A Nuwamban 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankuna kuma a samansa suke ba da rance ga mafi yawan 'yan kasuwa. Ko da mun yi sassauci mun ce kashi 25, kuɗin ruwan biliyan 7 ya zama biliyan 1.75 a shekara. A shekara mai albarka, abin da zai rage wa uwar kuɗi bai kai miliyan 200 ba. A shekarar ambaliya, duk abin da masana'antar ta samu bai kai kuɗin ruwa kaɗai ba. Gaskiya ne hauhawar farashi tana zaizaye bashin naira a hankali, amma sai wanda ya tsallake shekarun farko ne zai ci wannan moriyar. Shi ya sa mai saye a Nijeriya yakan karkata zuwa rancen dala, mai ƙaramin kuɗin ruwa. A nan labarin KEDCO ya shigo.

Abin da ya faru da kamfanin wutarmu

A 2013 gwamnatin tarayya ta sayar da kashi 60 cikin 100 na kamfanonin rarraba wuta da aka ciro daga tsohuwar PHCN. Na Kano, mai kula da jihohin Kano da Katsina da Jigawa, ya faɗa hannun Sahelian Power SPV a kan dala miliyan 137, aka miƙa shi ranar 1 ga Nuwamban 2013. Haruffa ukun da ke ƙarshen sunan suna nufin irin ɓawon da muka ambata, kamfanin da aka kafa domin manufa ɗaya. A faɗin ƙasar, mafi yawan kuɗin da masu saye suka biya rance ne daga bankunan cikin gida, kuma da yawa daga cikinsa da dala aka ci shi, tunda da dala aka yanke farashi.

Ya kamata a faɗi inda wannan ciniki ya bambanta da misalinmu na shinkafa. Abin da banki ya riƙe, kamar yadda sanarwar 2022 ta nuna, hannun jari ne. Kamfanin rarraba wuta yana aiki da lasisi, ba ya miƙa harkarsa ga wani sai da yardar NERC, don haka ba a ga banki ya zo yana kwance taransifoma ba. Amma tushen lissafin ɗaya ne. Ɓawon da ya ci bashi ba shi da wata sana'a. Hanyar da kuɗin biyan banki zai fito ita ce abin da kamfanin wuta ya tara daga masu amfani da wuta, ya rage, ya raba.

Abu uku suka hana wannan lissafi tsayuwa.

Na farko, an sayi kamfanin da ba shi da rara. Dabarar ɗora-bashi tana buƙatar saniyar da ake tatsa, abin da aka saya kuwa saniya ce da ta fito daga fari. Wuta tana zurarewa a tsofaffin wayoyi, ana sace wata, wadda aka rubuta wa takarda kuma ba a biyan kaso mai yawa nata, har da ma'aikatun gwamnati cikin masu ƙin biya. Masu shirya cinikin sun san haka. Shi ya sa ba a kan farashi masu neman kamfanonin rarraba wuta suka yi takara ba. An ƙayyade farashi tun farko, aka zaɓi wanda ya yi alƙawarin rage asarar wuta da ta kuɗi fiye da kowa cikin shekara biyar. Cika wannan alƙawari yana bukatar mitoci da taransifomomi da sababbin layuka, wato sabon jari mai yawa. Mai saye kuwa ya riga ya ƙarar da ƙarfin cin bashinsa wajen biyan gwamnati. Bankin da bai ga kuɗinsa na farko ba, da wuya ya ba da na biyu.

Na biyu, kuɗin shiga da naira, bashi da dala. A 2013 dala tana wajen naira 157 a farashin hukuma. Bayan sauyin da aka yi a Yunin 2016 ta koma wajen 305, a tsakiyar 2022 kuma ta haura 410. Dala miliyan 137 da ta yi daidai da kimanin naira biliyan 21 a ranar ciniki ta zama sama da biliyan 55 a ranar da banki ya zo. Duk wanda ya ci bashin dala a 2013 ya ga nauyinsa da naira ya ninka fiye da sau biyu da rabi, ko da bai ƙara rancen sisi ba.

Na uku, farashin hajar ba a hannun kamfani yake ba. Mai shinkafa yana iya ƙara kuɗin buhu. Kamfanin wuta sai abin da NERC ta amince da shi, gwamnati kuma ta shafe shekaru tana riƙe farashin ƙasa da abin da ake kashewa, saboda dalilan da kowa ya sani. Giɓin ya kai ga Babban Banki ya kafa tallafin rance na naira biliyan 213 ga ɓangaren, sannan a 2017 gwamnati ta amince da wani shiri na biliyan 701 domin biyan kamfanonin samar da wuta.

Don haka rashin adalci ne a ce bashin saye kaɗai ya jawo duhun da ke ƙauyukanmu. Matsalar wuta ta girme shi. Abin da bashin ya yi shi ne ya ɗaure hannun mai kamfani a daidai lokacin da ake bukatar ya zuba kuɗi. Kuma abin bai tsaya a Kano ba. A Disamban 2021 bankin UBA ya karɓe ragamar kamfanin Abuja, na Ibadan ya shiga hannun AMCON, na Benin da Kaduna suka bi sahun Kano. Idan kusan rabin kamfanoni goma sha ɗaya suka faɗa rami iri ɗaya, ba a halin mutum ɗaya za a nemi dalili ba, a tsarin cinikin za a nema. A ƙarshen 2023 aka sanar da Future Energies Africa a matsayin sabon babban mai jari a KEDCO, shekara goma bayan cinikin farko.

Hujjar masu kare dabarar

Masu wannan sana'a suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce bashi yana ladabtar da manaja. Kamfanin da kuɗi ya yi wa yawa yakan ɓarnatar da shi a kan motoci da ofisoshi da ayyukan ganin ido, amma wanda banki ke jira duk wata uku yakan ƙirga kowace naira. Sukan kuma ce ba don rance ba, attajirai 'yan ƙalilan ne kaɗai za su iya sayen manyan kamfanoni. Manajan da ya shekara ashirin yana tafiyar da masana'anta, ya fi 'ya'yan mai ita sanin ta, ba shi da hanyar mallakarta sai ta wannan ƙofa. A ƙasar Hausa, inda masana'antu da yawa ke mutuwa tare da waɗanda suka kafa su a wajen rabon gado, wannan magana ce mai nauyi.

Misalin da masu kallon ƙwallo suka sani yana nuna fuskokin biyu. A 2005 iyalan Glazer suka sayi Manchester United a kan kimanin fam miliyan 790. Kafin nan ba a bin kulob ɗin bashi. Sama da fam miliyan 500 na kuɗin sayen rance ne, an jinginar da kadarorin kulob ɗin a kan wani ɓangare, ɗaya ɓangaren kuma yana da kuɗin ruwa sama da kashi 14 cikin 100, wanda ba a biya duk shekara, sai dai ya taru a kan uwar kuɗi. Kulob ɗin bai rushe ba, domin kuɗin talabijin da na tikiti da na talla suna shigowa ba yankewa, kuma suna ƙaruwa. Darajarsa ta ninka sau da yawa, masu shi sun ci riba mai yawa. Ta wannan fuska dabarar ta yi aiki. Amma ɗaruruwan miliyoyin fam sun fita daga asusun kulob zuwa kuɗin ruwa, filin Old Trafford ya tsufa har rufinsa yana yoyo, magoya baya suka shekara da shekaru suna zanga-zanga. A 2023 ƙungiyoyin gasar Firimiya suka amince da ƙa'idar da ta hana sayen kulob da bashin da ya wuce kashi 65 cikin 100 na darajarsa.

Darasin da nake ɗauka shi ne, ko inda dabarar ta yi nasara, nasarar mai saye ce kafin ta zama ta kamfani. Inda kuma kuɗin shiga ba shi da tabbas, ladabin da ake yabo yakan koma yunwa. Sauya sunan rancen ma ba ya sauya wannan. Idan aka tsara cinikin ta hanyar murabaha ko sukuk domin kauce wa riba, amma aka bar wa kamfanin wajibcin biyan adadi ƙayyadadde a rana ƙayyadadda, ambaliya za ta same shi a inda ta sami wancan. Abin da ke sauya lissafin shi ne tarayya ta gaskiya, inda mai kuɗi ke raba asara kamar yadda yake raba riba.

Tambayoyin da suka kamata

Dokar kamfanoni ta 1990 ta hana kamfani taimaka wa mai sayen hannun jarinsa da kuɗi ko jingina. Dokar 2020 da ta maye gurbinta ta buɗe ƙofa a sashe na 183 ga kamfanoni masu zaman kansu, bisa sharuɗɗan da suka haɗa da amincewar masu hannun jari ta musamman da rantsuwar daraktoci. Wato irin wannan ciniki ya fi sauƙi a yau fiye da 2013. Dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wuta a cikin iyakokinsu. Jami'an jiha da lauyoyi da akantoci da magada masu niyyar sayar da masana'antar mahaifinsu za su ƙara haɗuwa da mai saye mai fara'a da takardar banki a hannu. Tambaya huɗu sun isa su bayyana shi.

Nawa ne naka a cikin kuɗin, kuma shi ma naka ɗin ba rance ba ne daga wani wuri? Abin da kamfanin ke samu ya ninka kuɗin ruwa sau nawa? A misalinmu, a kan kashi 10 ya ninka sau uku da rabi, a kan kashi 25 bai kai sau ɗaya da rabi ba, kuma duk abin da ya gaza ninki biyu a sana'ar da ta dogara da damina, tafiya ce a bakin rijiya. Da wane kuɗi aka ci bashin, da wane kuɗi kamfanin ke ciniki? Sannan, bayan an biya mai sayarwa, nawa ya rage na zubawa a cikin kamfanin, kuma yana asusun wa?

Bayan ciniki ma akwai alamomi, kuma ma'aikata da dillalai sukan riga masu binciken asusu ganinsu. Kuɗin da ake biya cikin mako ya koma wata biyu. Injin da ya lalace ya zauna ana cire masa kaya ana gyara wani. An sayar da sito ko fili, an dawo ana biyan hayarsa. Ana rabon riba ko biyan ladan gudanarwa ga mai kamfani alhali ana bin bashin fansho. An sake zama da banki an tsawaita wa'adi, ba tare da uwar kuɗi ta ragu ba.

Ba na kiran a haramta sayen kamfani da rance. Idan attajiri ya sayi kamfanin lemo da bashi ya kasa biya, wani zai saya, masu shan lemo su koma wani iri. Amma inda jama'a ba su da zaɓi, kamar wuta da ruwa, ko masana'anta ɗaya tilo da ke sayen amfanin gonar yanki guda, mai sayarwa yana da haƙƙin da ya wuce karɓar farashi. Ya ƙayyade iyakar bashin da za a saya da shi. Ya hana rancen dala ga mai cinikin naira, sai in akwai kariya a rubuce. Ya sa a ajiye kuɗin gyara da faɗaɗawa a asusu na daban tun ranar miƙa mabuɗi, kuma a hana rabon riba har sai an cika alƙawuran aiki. Wannan zai rage yawan masu nema, mai yiwuwa ya rage farashi. Gwamnatin tarayya ta karɓi cikakken farashinta a 2013, sannan ta shafe shekaru tana mayar da ɗaruruwan biliyoyi cikin ɓangaren da ta sayar. Wanda ke shirin sayar da kadarar jama'a nan gaba, ya fara da wannan lissafin.